Yadda ake taƙaita kundin raya ƙaramar hukuma a shafi ɗaya

 Shirin na yau ya shafi wani aikin ofis ne da ake yi da takarda da alƙalami, wato taƙaita kundin tsare-tsare domin shugabannin ma'aikatu. Ana ɗaukar littafi mai kauri, a mayar da shi jadawali ɗaya. Kowane layi na jadawalin yana amsa tambayoyi huɗu. Me ake so a cimma? Da me za a auna? Ina ake so a kai, kuma yaushe? Wane ofis ne alhakin ya rataya a wuyansa? Buri, ma'auni, zango, da mai alhaki. A riƙe waɗannan huɗun, domin a kansu shirin zai tafi. Misalin kuwa daga ƙaramar hukumar Sarkin Hausa za a ɗauko shi, a gundumar Mayahi, cikin jahar Maradi.

Kashi na farko: menene wannan kundi, kuma wa ke buƙatar taƙaitawarsa?

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, ƙananan hukumomin Nijar suka fara tafiyar da al'amuran raya yankunansu. Dokar ƙananan hukumomi ta shekarar 2010 ta ƙara fayyace aikinsu. Cikin abin da ake buƙata daga kowace ƙaramar hukuma akwai kundin raya ƙasa, wanda akan tsara shi na shekara biyar. Kafin a rubuta shi, ana zagaya garuruwa. Ana zama da masu gari, da mata, da matasa, da makiyaya. Ana jera matsaloli, ana jera abin da ake fata. Daga nan sai a fitar da littafi: bayanin yanki, binciken matsaloli, manyan burori, jerin ayyuka, da kuɗin da za su ci. Daga cikin wannan kundin ne ake ciro tsarin ayyukan kowace shekara, wanda ake ɗora kasafin kuɗi a kansa.

To ga inda matsalar take. Ƙaramar hukuma irin Sarkin Hausa ba ta da injiniyoyi da ƙwararru nata a kowane fanni. Yawancin ma'aikatan fasaha na gwamnati a babban garin gunduma suke. Daraktan ma'aikatar ruwa yana Mayahi. Haka na noma, da na kiwo, da na muhalli. Shugaban hukumar lafiya ta gunduma ma can yake. Gundumar Mayahi kuwa tana da ƙananan hukumomi 8, cikinsu har da Sarkin Hausa, da Kanembakashe, da Isawan. Gundumar Tasawa da ke maƙwabtaka tana da 7, cikinsu har da Maijirgi, da Korgom, da Urafan. Kenan darakta ɗaya a Mayahi yana da kundi takwas a gabansa. Abin da ya shafe shi a kowane kundi bai wuce ƴan shafuka ba, kuma a warwatse suke. Wani yana cikin binciken matsaloli, wani yana cikin jerin ayyuka, wani yana can ƙarshe cikin lissafin kuɗi.

Wannan daraktan ake yi wa taƙaitawa. Ana so ya ɗauki takarda ɗaya, cikin ƴan mintoci ya ga layukan da ke ɗauke da sunan ofishinsa. Wanda ya fi dacewa ya shirya ta shi ne babban sakataren ƙaramar hukuma, tare da ma'aikatar tsare-tsare ta gunduma. Akwai ƙa'ida ɗaya da ke kan mai taƙaitawa: ba ya ƙirƙiro abin da babu a kundin. In kundin bai faɗi adadi ba, sai a bar gurbin a buɗe, a rubuta cewa ana jiran adadi daga ofis kaza. Gurbin da aka bari a buɗe yana nuna aikin da ya rage. Gurbin da aka cike da shaci-faɗi kuwa ɓoye matsalar yake yi.

Masu sauraro, kashi na biyu ya shafi buri.

Buri shi ne canjin da ake so a gani a rayuwar mutane. A nan ne mai taƙaitawa yake fara tankaɗe, domin kundi yakan cakuɗa abubuwa uku. Akwai fata, akwai aiki, akwai buri. Ga misalin fata: inganta rayuwar al'umma. Magana ce mai kyau, amma babu ofishin da zai iya cewa tasa ce, kuma babu ranar da za a ce an gama. Ga misalin aiki: gina rijiyoyi, gina azuzuwa, horar da kwamitoci. Waɗannan hanya ce ta kaiwa ga wani abu. Buri yana tsakanin biyun: mutanen garuruwa su samu ruwan sha mai tsabta kusa da gida, rani da damina.

Yaya ake gane aiki daga buri? A yi wa jimlar tambaya ɗaya: don me? Gina azuzuwa, don me? Don yara su daina karatu a rumfar zana, wadda ba a kafa ta sai an cire amfanin gona, kuma ruwan farko ke korar masu zama cikinta. Wannan kuma don me? Don yaron da ya shiga aji ɗaya ya kai aji shida. To an iso ga buri: yara su kammala firamare. Ana iya gina aji goma, amma yara su ci gaba da ficewa a aji huɗu. In jadawalin ya rubuta gini a matsayin buri, zai nuna an yi nasara, alhali abin da ake nema bai samu ba.

Burori nawa za su shiga shafin? Kaɗan. A shekarar 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa, da muhalli. A yankin da mutane ke rayuwa da gero da wake da dabbobi, dole a ƙara noma da kiwo. In kowane fanni ya samu buri ɗaya ko biyu, jadawalin ba zai wuce layi goma sha biyu ba. Sauran ayyukan ba a zubar da su ba. Suna nan a tsarin shekara, kowanne a ƙarƙashin burin da yake yi wa hidima. Aikin da aka rasa burin da za a rataya shi a kai kuwa, ya kamata a sake dubansa.

Kashi na uku: ma'auni.

Ma'auni shi ne abin da ake ƙirgawa don a san ko burin ya motsa. Kowa ya san tiya a kasuwa. In an auna gero da babbar tiya ranar saye, aka auna da ƙarama ranar sayarwa, lissafin ya lalace ko da ba wanda ya taɓa buhun. Haka ma'auni yake a jadawali. Dole ya zama iri ɗaya daga shekarar farko zuwa ta biyar.

Saboda haka ma'auni ba ya cika sai da abubuwa uku. Na farko, yadda ake lissafa shi: me ake ƙirgawa, kuma cikin me? Na biyu, majiya: wace takarda ce ko wane rajista ne za a buɗe a samu adadin? Na uku, lokaci: wane wata ake aunawa? A sake ji: yadda ake lissafi, majiya, da lokaci.

Ga misali daga fannin lafiya. Akwai allurar rigakafin jarirai mai kare cututtuka biyar, wadda ake yi sau uku, a mako na 6, da na 10, da na 14 bayan haihuwa. Kundi zai iya cewa a ƙara yawan yaran da ake yi wa rigakafi. Mai taƙaitawa sai ya tambaya: wace allura, kuma cikin yara nawa? Ma'aunin da aka saba shi ne yaran da suka samu ta uku, cikin duk jariran da ake ƙiyasin akwai a yankin. Amma wannan ƙiyasin daga lissafin yawan jama'a yake fitowa, kuma yana iya kaucewa. Wani lokaci ma iyaye mata daga wata ƙaramar hukuma sukan kawo ƴaƴansu, saboda cibiyar nan ta fi musu kusa. Sai a ga adadi ya zarce kashi 100 cikin 100. Duk inda aka ga haka, a san cewa ƙiyasin ne ke da matsala.

Akwai ma'auni na biyu da ba ya dogara da ƙiyasi. A kwatanta waɗanda suka zo allurar farko da waɗanda suka dawo ta uku. A ɗauka, don misali kawai, yara 3,000 aka yi wa ta farko, 2,550 suka samu ta uku. Yara 450 sun ɓace a hanya, wato kashi 15 cikin 100. Ma'aikatan lafiya sukan ɗauki abin da ya haura kashi 10 a matsayin alamar matsala. Duka lambobin biyu a rajistar cibiya suke. Ba sai an ɗauki hayar kowa ya yi bincike ba.

Darasin kenan. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne wanda ofis ya riga ya saba tattarawa. Cibiyoyin lafiya suna aika rahoto kowane wata. Sufeton makarantu yana karɓar adadin ɗalibai a farkon shekarar karatu da ƙarshenta. Ma'aikatar ruwa tana da jerin rijiyoyi da famfuna. Ma'aunin da sai an yi bincike gida-gida kafin a samu, da wuya a auna shi fiye da sau ɗaya.

Lokaci ma yana canza amsa. Rijiyar da ke cike a watan Oktoba tana iya yin ƙasa a watan Mayu. Itacen da aka dasa a watan Yuli yana da rai a watan Agusta, amma ba a san makomarsa ba sai ya ƙetare rani da haƙoran awaki. Shi ya sa a fannin muhalli, ƙirga dashen da aka raba ba ya nuna buri. Abin da ke nunawa shi ne wanda ya rayu bayan shekara. A jahar Maradi, inda manoma suka yi fice da sassaben zamani tun shekarun 1980, wato barin tohon itace ya girma a gona ana yi masa aski, ma'aunin da ya dace shi ne yawan itatuwan da ke tsaye a kowace eka.

Masu sauraro, an iso kashi na huɗu, wato zango. A nan za a bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

Zango shi ne adadin da ake so a kai, tare da ranar kaiwa. Ba a iya sa zango sai an san mafari, wato inda ake tsaye yau. Misalin na ruwan sha ne. Lambobin da za a ji na koyarwa ne, ba ƙidayar Sarkin Hausa ba ce. Abu biyu ne kawai na haƙiƙa a ciki. Na farko, a ƙa'idar ma'aikatar ruwa ta Nijar, ana lissafa wurin ɗiban ruwa na zamani guda ɗaya ga mutum 250 a karkara. Rijiyar siminti ɗaya, ko famfon tuƙa-tuƙa ɗaya, mutum 250. Na biyu, ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara.

A ɗauka ƙaramar hukuma tana da mutum 80,000, da wuraren ruwa 160. A ninka 160 da 250, sai a samu 40,000. Rabin jama'a kenan. Mafari: kashi 50 cikin 100. Kundi ya ce a kai kashi 60 cikin shekara biyar. Tambayar da daraktan ruwa zai yi ita ce: wurare nawa za a gina?

Ga lissafin da aka fi faɗawa cikinsa. Kashi 60 na 80,000 shi ne 48,000. A raba da 250, sai a samu 192. Akwai 160 a ƙasa, saura 32. Sai a rubuta: sabbin wurare 32. Lissafin ya yi daidai a takarda, amma an manta da haihuwa. Bayan shekara biyar, in ana ƙaruwa da kashi 3.9, mutum 80,000 sun zama kimanin 97,000. Wurare 192 suna ɗaukar mutum 48,000. Cikin 97,000, wannan bai kai ko rabi ba. A saurara da kyau: an gina duka 32, an kashe kuɗin, an yi bikin buɗewa, amma kason masu samun ruwa ya ɗan koma baya.

Lissafin da ya dace yana farawa ne daga yawan jama'ar shekarar ƙarshe. Kashi 60 na 97,000 shi ne 58,200. A raba da 250, sai a samu kimanin 233. A cire 160. Sabbin wuraren da ake buƙata 73 ne, fiye da ninki biyu na lissafin farko.

Yanzu sai a kai wannan adadin gaban kasafin kuɗi. Shin ƙaramar hukuma, da tallafin gwamnati, da abokan hulɗa, za su iya wurare 73 cikin shekara biyar? Hanyar sani ita ce a duba baya. Nawa aka gina a shekaru biyar da suka wuce? In 30 ne, to 73 yana buƙatar wata majiyar kuɗi da za a iya kiran sunanta. In babu, zaɓi biyu ne. Ko a sauko da zangon, ko a bar shi a rubuta a gefe cewa kuɗin wurare kaza ba su samu ba tukuna. Wannan hukuncin ba na mai taƙaitawa ba ne. Aikinsa ya nuna giɓin, ya kai wa shugabannin ƙaramar hukuma su yanke.

Bayan haka sai a raba zangon shekara-shekara. Zangon da sai a shekara ta biyar za a duba shi ba ya tayar da kowa daga kujera. Ana iya raba 73 haka: 10 a shekarar farko, saboda neman kuɗi da bayar da kwangila suna cin lokaci, 15 a ta biyu, sannan 16 a kowace cikin ukun da suka rage. A tuna kuma cewa aikin rijiya na rani ne. In damina ta faɗi ba a fara ba, da wuya a cike adadin shekarar.

Sai dai lissafin bai ƙare ba. Mace ta tashi da asuba, ta ɗora jarkoki a amalanke. Ta wuce famfon garinsu, wanda hannunsa ya karye tun kaka, ta nufi wani gari. A jerin ma'aikata, wannan famfon yana nan, ana ƙirga shi da mutum 250. A ɗauka cikin wurare 160 ɗin, 24 sun lalace. Kashi 15 kenan. Masu aiki 136 ne, suna ɗaukar mutum 34,000. Mafarin gaskiya ya sauko daga kashi 50 zuwa ƙasa da 43. Shi ya sa burin ruwa yake buƙatar layi na biyu: kason wuraren da suka lalace. Mafari kashi 15, zango kashi 5, ana aunawa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da buƙata ta fi tsanani. Gyaran famfo kuma yakan fi haƙa sabo araha nesa ba kusa ba.

Akwai iyaka ɗaya da ya kamata a sani. Wannan lissafin na jimla ne. In rabin sabbin famfunan sun taru a babban gari, jimlar za ta hau, amma ƙauyukan nesa da rugage suna nan yadda suke. Maganin haka shi ne a haɗa jadawalin da jerin garuruwan da ba su da wurin ruwa ko ɗaya, a riƙa soke suna duk lokacin da aka kai wa gari.

Kashi na biyar: mai alhaki.

Ƙa'idar gajera ce. Layi ɗaya, ofis ɗaya. Kundi yakan rubuta a gaban aiki: ƙaramar hukuma, ma'aikatu, ƙungiyoyi, da al'umma. Duka suna da hannu a ciki, gaskiya ne. Amma ranar taro, in aka tambayi dalilin da ya sa adadi bai motsa ba, kowa zai dubi na kusa da shi. Saboda haka jadawalin yana da gurbi biyu. Ɗaya na mai alhaki, suna ɗaya tak. Ɗaya na masu tallafawa, inda ake jera sauran.

Yaya ake zaɓar mai alhaki? A tambaya: wa ke riƙe da abin da ke motsa wannan adadi? A layin sabbin wuraren ruwa, ƙaramar hukuma ce mai aikin. Ita ke sa shi a kasafi, ita ke neman kuɗi. Ma'aikatar ruwa ta gunduma tana tallafawa da binciken wuri da duba ingancin aiki. A layin famfunan da suka lalace kuwa, ana iya ɗora wa ma'aikatar ruwa alhakin bibiya da kawo adadi, kwamitocin garuruwa da masu gyara su zama masu tallafawa. A layin rigakafi, shugaban cibiyar lafiya ne, ƙarƙashin hukumar lafiya ta gunduma.

A nan akwai abin lura. Daraktan gunduma ma'aikacin gwamnatin tsakiya ne. Yana ƙarƙashin shugaban gunduma da ma'aikatarsa, ba ƙarƙashin shugaban ƙaramar hukuma ba. Takardar da aka rubuta a Sarkin Hausa ba ta zama umurni a Mayahi don kawai an rubuta ta. Dole a zauna da kowane darakta kafin a sa sunan ofishinsa. Ya duba ma'aunin, ya tabbatar da mafarin, ya yarda da zangon. In zuwa garuruwa yana buƙatar man babur, a faɗi wa zai biya. Layin da ba a tattauna da mai shi ba, ba wanda zai kare shi.

Kuma sunan ofis ake rubutawa, ba sunan mutum ba. Ana sauya wa ma'aikata wurin aiki. Shugabanci ma yana canzawa. A watan Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomin Nijar, aka naɗa kantomomi. Jadawalin da ya rataya a kan ofis yana ci gaba da aiki bayan irin wannan sauyi. Sabon da ya zo yana samun layukansa suna jiransa.

Masu sauraro, kashi na shida, kuma na ƙarshe: yadda ake karanta shafin da yadda ake gane mai rauni.

Ga layin ruwa kamar yadda za a karanta shi a taro. Buri: mutane su samu ruwan sha mai tsabta. Ma'auni: kason jama'ar da wuraren ruwa ke ɗauka, a kan mutum 250 kowane wuri. Mafari: kashi 50. Zango: kashi 60 a shekara ta biyar, wato sabbin wurare 73, goma daga ciki a bana. Majiya: jerin ma'aikatar ruwa ta gunduma. Mai alhaki: ƙaramar hukuma. Masu tallafawa: ma'aikatar ruwa da abokan hulɗa. Layi ɗaya, kuma ba wanda zai fita daga ɗakin yana tambayar me aka ce.

Shafin yana aiki ne in ana dawowa kansa. Kowane wata uku ya wadatar. A gefen dama ana barin gurbi don adadin da aka samu. Kowane mai alhaki yana faɗin adadinsa, a kwatanta da zangon shekarar. In an yi baya, tambaya biyu ce: me ya tsayar, kuma wa zai warware kafin zama na gaba? Ba kowane ma'auni ne ke motsi cikin wata uku ba. Kammala firamare sau ɗaya ake auna shi a shekara, a ƙarshen shekarar karatu. A irin wannan layin, abin da ake dubawa a tsakani shi ne ayyukan da ke ƙarƙashinsa. Kuma lokaci-lokaci a ɗauki ƴan garuruwa a je a duba ko famfon da takarda ta ce yana aiki yana zubar da ruwa. Gani ya kori ji.

Alamomin shafi mai rauni kuwa a bayyane suke. In buri ya fara da gina, ko saye, ko horarwa, aiki ne ya zauna a kujerar buri. In akwai zango babu mafari, ba za a san ko an yi gaba ba. In an rubuta kaso ba a faɗi cikin me ba, kowa zai lissafa yadda ya ga dama. In duk zangunan sun zama kashi 100, ba a duba kasafin kuɗi ba. In sunaye uku sun cika gurbin mai alhaki, layin ba shi da mai shi. In kuma adadin bana ya fito daga wata majiya dabam da ta bara, ba za a iya kwatanta su ba.

Wani lokaci dole a canza zango a tsakiyar hanya. Damina tana iya gazawa, abokin hulɗa yana iya janye kuɗinsa, sabuwar ƙidaya tana iya canza yawan jama'a. Canzawa ba laifi ba ne, in an yi ta a fili. Ana barin tsohon adadi a wurinsa, a rubuta sabon a gefensa, tare da kwanan wata da dalili, kuma hukumar da ta amince da kundin ita ce za ta amince da canjin. Abin da ba a yi shi ne goge tsohon adadi a ƙarshen shekara don ya dace da abin da aka samu.

A taƙaice, masu sauraro: buri shi ne canji a rayuwar mutane. Ma'auni yana da hanyar lissafi, da majiya, da lokaci. Zango yana tashi daga mafari, yana la'akari da ƙaruwar jama'a da kuɗin da ke hannu, kuma ana raba shi shekara-shekara. Mai alhaki ofis ɗaya ne, wanda aka zauna da shi ya yarda. Nan shirin ya kawo ƙarshe.